Hoton suna ya fito kamar an tsoma shi a manja: ta ina zan fara gyara?

*"Assalamu alaikum Oga. Ni sabon shiga ne a harkar hoto, ina Agege. Na ɗauki hotunan suna a falon wata Hajiya bayan magariba, da RAW, ba filasha, ISO 3200. Duk sun fito ruwan ɗorawa, dugu-dugu, fuskoki kamar an shafa musu manja. In na ja Temp zuwa shuɗi sai mai jego ta koma ruwan toka kamar marar lafiya, ƙofa kuma ta yi shuɗi shar. In na rage Saturation sai hoton ya mutu. Me nake yi ba daidai ba?"*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da ka ɗauka da RAW, don wannan kaɗai ya ceci rabin aikinka. Abin da ke wahalar da kai shi ne kana neman warkar da cuta uku da magani ɗaya. Hasken bai ishi hoton ba, fitilar ɗakin launinta ja ne, sannan kuma ina da yaƙinin ba ita kaɗai ce ke haska ɗakin ba. Wannan ƙofa da ka ce tana yin shuɗi ita ta tona asirin. Temp na iya gyara na biyun kawai, shi ma sai in haske iri ɗaya ne a ko'ina.

Abin da ya faru a cikin kyamarar

Kowane haske yana da launinsa, ana auna shi da Kelbin. Hasken rana tsaka yana wajen 5500. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, irin mai zafin nan, yana wajen 2800. Ƙwayayen LED da ake rubuta wa Warm White a kwali suna tsakanin 2700 da 3000, farare tas ɗin kuma da aka fi saye a shagunan unguwa suna kai 6500. Hasken da ke saura a sama bayan faɗuwar rana ya fi wannan ma shuɗi. Idonka yana shiga ɗaki ya saba nan take, farar riga ta ci gaba da zama fara a wurinka. Kyamara kuwa sai ta yi kirdado, kuma a ɗaki mai duhu tana yawan yin kuskure, ta tsaya a wajen 4000 alhali fitilar 2800 ce. Tazarar da ke tsakani ita ce manjan da kake gani.

Wani abu yana rikita masu koyo a nan. A Lightroom, in ka rage lambar Temp sai hoto ya yi shuɗi, alhali mun ce ƙaramar lamba ta jan haske ce. Dalili shi ne ba launi kake zubawa ba, labari kake ba manhajar. Kana ce mata fitilar wurin 2800 ce, ita kuma sai ta ƙara shuɗi don ta kashe jan.

To daga ina take samo shuɗin? Nan matsalar take. Kyamara tana tara haske kashi uku ne: ja, kore da shuɗi. Jar fitila kusan ba ta da shuɗi a cikinta, saboda haka kason ja ya cika ya batse, kason shuɗi kuma ɗan kaɗan ne, kamar ragowar tuwo a gindin tukunya. Da ka ja Temp ƙasa, wannan ɗan ragowar ake ninkawa, tare da duk dattin da ke cikinsa. A ISO 3200 dattin ba kaɗan ba ne. Shi ya sa inuwar wuya da ƙasan ido ke cika da ɗige-ɗige masu ruwan shunayya, fata ta dushe. Ƙari a kan haka, LED mai arha ba ya fitar da ja mai zurfi, irin wanda ke sa fata ta nuna akwai jini a jiki. Yana ba da ruwan ɗorawa mai ratsin kore. In ka cire ruwan ɗorawar gaba ɗaya, abin da zai rage maka shi ne toka da kore. Ita ce mai jegon da ka gani.

Sai bango. Yawancin falukanmu a Agege da Idi-Araba fentin ruwan madara ne ko ruwan ƙwai, ga labule ruwan gwal, ga kujeru ruwan ƙasa. Hasken yana dukan bangon ya dawo kan fuska da ƙarin launi. Fata, bango, labule da kujera duk sai su taru a launi ɗaya, ba abin da ya rabu da wani. Wannan haɗuwa ita ce dagulewar, ba yawan launi ba. Shi ya sa rage Saturation bai taimake ka ba: ka mayar da ruwan kwata mai kauri ya zama ruwan kwata tsararo.

Hoto ɗaya, daga farko har ƙarshe

Bari in bi da kai ta wani hoto da na yi aiki a kansa, mai kama da naka sosai. Suna ne a wani gida a Mile 12. Mai jego tana zaune a kujera da jariri, kakar yaron tana gefenta da farin mayafi, ƙwan LED ja ɗaya a silin, ƙofa a buɗe ta hagu, hasken yamma yana shigowa. An ɗauka a f/2.8, 1/60, ISO 3200. Kyamara ta ba da Temp 4300, Tint +3.

Kafin in taɓa komai, na duba allon da nake kallo. In a waya kake gyara, kashe Night Shift ko Eye comfort shield ko duk abin da wayarka ke kiransa, in iPhone ce har da True Tone. Kada kuma ka zauna gyara a ƙarƙashin irin jar fitilar da ta ɓata hoton. Na taɓa gyara hotunan biki cikin dare da fitilar caji, gari ya waye na buɗe na ga kowa ya zama kore.

Na fara da haske, ba da launi ba. Manhajar ba ruwanta da wanda ka fara taɓawa, idonka ne ba ya iya hukunta launi a hoto mai duhu, domin ruwan goro in ya yi duhu ruwan ƙasa yake komawa. Na ɗaga Exposure zuwa +0.80, na sauke Highlights zuwa -35 saboda mayafin kaka da goshin mai jego, na ɗaga Shadows zuwa +15 kawai. Kada ka yi zari da Shadows a irin wannan hoto, duk dattin a inuwa yake kwance. Na sa Blacks a -12 don a sami baƙi na gaskiya a wani wuri, Whites +10. Tun a nan, ban taɓa Temp ba, kashi ɗaya cikin uku na dagulewar ya tafi. Hoton da ba shi da fari na gaske, ba shi da baƙi na gaske, dole ya yi kama da laka.

Daga nan sai ɗan tsinken nan na White Balance, wanda ake kira da harafin W a kwamfuta. Aikinsa shi ne ka nuna masa wurin da ba shi da launi, shi kuma ya daidaita ja, kore da shuɗi a wurin. Duk wahalar tana wajen zaɓen inda za ka taɓa, kuma a nan nake so ka tsaya.

Kada ka taɓa bango. Ruwan madara ne, in ka ce masa fari ne zai zuba shuɗi fiye da kima. Kada ka taɓa farin ido ko haƙori, ba farare ba ne kamar yadda muke zato. Kada ka taɓa inda haske ya ƙone ya zama fari fat, babu bayani a wurin, Lightroom ma yakan ƙi karɓa. Farar shadda ita ce tarkon da ya fi kama mutane, domin sabuwa tana zuwa da sinadarin da ke sa ta sheƙi da ratsin shuɗi, wadda aka wanke kuma an sa mata bula. In ka taɓa ta, manhajar za ta ga shuɗi ta rama da ruwan ɗorawa, ka koma inda ka fito. Abin da nake nema shi ne abu fari ko ruwan toka marar sheƙi, wanda hasken da ke kan fuskar mutumin shi ne a kansa. Farantin tangaram, takarda, farar robar soket, ko showal ɗin jariri in na tabbatar fari ne. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne babba. Farantin da ke bakin ƙofa ba zai gaya maka komai game da fuskar da ke ƙarƙashin fitila ba.

A hoton nan na taɓa ninkin showal ɗin, inda ya ɗan yi inuwa. Ya ba ni 2800, Tint +14. Na taɓa gefen mayafin kaka na ɓangaren ƙofa don gwaji, ya ba ni sama da 5000. Ka ga haske biyu ke nan a hoto ɗaya, kuma babu lamba ɗaya da za ta gamsar da su duka. Na zaɓi hasken da ke kan fuskar mai jego, don ita ce hoton.

Amma ban tsaya a 2800 ba. A lissafi daidai ne, showal ya yi fari tas, sai dai ɗakin ya koma kamar ɗakin tiyata, fata ta yi sanyi. Mutanen da ke wurin sun san dare ne, sun san fitilar ja ce, kuma ɗumin nan yana cikin abin da suke tunawa. Na mayar da shi 3150. Al'adata ke nan: in tsinke ya ba ni lamba, sai in ƙara 300 zuwa 400 a kai. Wannan ra'ayina ne, wani mai hoton zai fi son fari tas, musamman in hoton kaya ne na talla inda launin atamfa dole ya fito yadda yake.

Tint shi ne wanda ka manta, ina zato, tunda ba ka ambace shi ba. Yana tafiya tsakanin kore da ja mai ratsin shunayya. Yawancin abin da muke kira fata marar lafiya kore ne ya ɓuya a ciki, ba shuɗi ba. Na bar shi a +12. Yadda nake gane ya isa: in ja Vibrance da Saturation duka zuwa +100 na ɗan lokaci. Hoton zai yi muni, amma duk launin da ke ɓoye zai fito fili. In showal da inuwar kunci suka yi kore, in ƙara Tint. In suka yi ruwan hoda, na wuce gona da iri. Sai in mayar da su sifili. Haka kuma in ka ɗora linzami a kan hoto, ƙasan Histogram yana nuna R, G da B, wato ja, kore da shuɗi. A fata, ko baƙa ce ko fara, R ne a sama, G a tsakiya, B a ƙasa. Kuncin mai jegon nan da farko R 48, G 33, B 12 ne. Wannan B da ya faɗi ƙasa warwas shi ne manja. Bayan gyara ya koma wajen 54, 42, 34. In ka ga G ya kusa kamo R, kore ya yi yawa. In B ya kamo G, ka kashe fatar.

Raba mutum da bango

Yanzu ƙofa da rabin mayafin kaka sun yi shuɗi, kamar naka. Ba a gyara wannan da Temp na gaba ɗaya. Na shiga Masking, wato abin rufin da ke keɓe gyara a ɓangare ɗaya na hoto, na ja Linear Gradient daga hagu har zuwa kafaɗar kaka, na ba shi Temp +28 da Saturation -15. A cikin abin rufin lambar ba Kelbin ba ce, daga -100 ne zuwa +100. Na bar ɗan shuɗi kaɗan a bakin ƙofar da gangan, don ido ya san waje ne. Bangon bayansu kuma na shafe shi da Brush, na ba shi Temp -10, Saturation -20, Exposure -0.25. Da bango ya ɗan huce ya ɗan yi duhu, fuskokin suka taso da kansu ba tare da na ƙara musu komai ba. In Snapseed kake da shi a waya, akwai White Balance mai tsinke, kuma Brush ɗinsa yana da Temperature da Saturation, za ka yi kusan irin wannan aikin da yatsa.

Sai Color Mixer, wanda tsofaffin Lightroom ke kira HSL. Fatar ɗan Adam kusan duk a Orange take zaune, komai duhunta. Bango da labule sun fi faɗawa Yellow. Saboda haka Yellow na rage wa Saturation zuwa -25, Orange kuma -6 kawai, na ɗaga masa Luminance +8. Kada ka wuce +15 a nan. Na san ana yi, na san ma wasu masu biki suna roƙo a haska su, amma fuska takan rabu da wuya da hannu, ta zama kamar an liƙa ta, hodar da mai kwalliya ta sa kuma ta fito fili. Fatar baƙin mutum kyanta a zurfinta yake da ɗan sheƙin goshi da kunci.

Yi hattara da Yellow ɗin ma. Shekarun baya na yi aikin wani kamu, ankon ƙawaye leshi ne ruwan gwal. Na rage Yellow har -60 don in kashe bango, na kwafa a kan hotuna sama da ɗari, na kai aka wanke. Uwar amarya ta buɗe albam, ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan ba kayan da muka saya ba ne." Leshin ya koma ruwan siminti. Da kuɗina na sake wankewa. Tun ranar, in akwai gwal ko ruwan ɗorawa a jikin mutane, a cikin abin rufi nake rage launin bango, ba a Color Mixer ba. Lalle ma haka, yana tsakanin Red da Orange, yana saurin komawa baƙi-baƙi in ka matsa.

Ɗige-ɗigen inuwa kuma a Detail ake maganinsu. Color yana zuwa a 25 a RAW, na kai shi 40. Luminance na sa 20. In ka wuce da wannan na biyun, fata za ta koma roba, zaren leshi ya narke. Ɗan yashi-yashi marar launi ba laifi ba ne, a takarda ma ba a cika ganinsa ba. Mai launin ne ke ɓata hoto.

Sai a ƙarshe na zo Color Grading, kuma abin da na yi a nan kaɗan ne. A Shadows na sa Hue 220, Saturation 7, wato ɗan shuɗi a inuwa. A Highlights na sa Hue 45, Saturation 5. Midtones ban taɓa ba, don nan fata take. Hikimar ita ce in inuwa ta ɗan yi sanyi, ɗumin fuska sai ya zama abin sha'awa maimakon datti, domin ya sami abin da za a gwada shi da shi. In mai kallo ya iya cewa inuwar shuɗiya ce, ka yi yawa. A baƙar fata ma sai ka ƙara kula, don wani ɓangare na fuskar kansa yana cikin Shadows, leɓe da gefen kunci suna iya yin shunayya. In ka ga haka, sauke zuwa 4 ko ka bar shi gaba ɗaya. Presets ɗin da ake rabawa a guruf, masu ruwan goro da shuɗi, an gina su ne a kan hoton da launinsa ya riga ya daidaita. Ɗora su a kan naka kamar yin fenti ne a bangon da bai bushe ba.

Da ka gama guda ɗaya, kwafa saitin zuwa hotunan da aka ɗauka a kusurwa ɗaya da haske ɗaya kawai. In an ɗauke wuta a tsakiyar taro aka tada janareta, ko aka kunna fitilar caji, wannan wani rukuni ne daban, sai ka sake masa nasa. Ka fitar da sRGB, in kuma ta WhatsApp za ka tura wa Hajiya, tura a matsayin Document, in ba haka ba matsewar da yake yi za ta farfasa inuwar da ka sha wahala a kanta.

Inda gyara ba ya kaiwa

Akwai abin da ba ya dawowa. In kason ja ya ƙone a goshi ko hanci, wurin zai zama faci ruwan ɗorawa marar zane, kuma Highlights ba zai dawo da ramukan fata ba, sai dai ka rage masa ƙarfi. In fitila biyu masu launi daban suka raba fuska ɗaya biyu, rabi ja rabi shuɗi, za ka iya sassautawa da Brush amma da wuya ya yi kyau sosai. Irin wannan nakan mayar da shi baƙi da fari, kuma sau da yawa shi ne mutane suka fi so a albam ɗin. In da JPEG ka ɗauka, da labarin ya fi haka tsauri: matakai 256 ne kawai a kowane launi, an riga an gasa jan a ciki, kana ja da nisa bango zai fara yin layi-layi. Sannan ban ga fayil ɗinka ba, lambobin da na ba ka na hotona ne. Ɗauke su a matsayin wurin farawa.

Aiki na gaba, shiga ɗakin kafin mutane su cika. Zaɓi haske ɗaya: ko ka rufe ƙofa ka sauke labule ka zauna da fitila, ko ka kashe fitila ka jawo mai jego kusa da taga in da sauran rana. Ka sa katin toka a jaka, ko farar takarda marar sheƙi, wani ya riƙe a daidai fuskarta ka ɗauki hoto ɗaya, shi za ka taɓa da tsinke daga baya. Cire kyamara daga AWB, inda take kirdadon launin haske da kanta, ka sa Kelbin da hannu a wajen 3000, don hotunan su zo iri ɗaya. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, LED mai arha kuma yana ƙyaftawa tare da ita, shi ya sa wani hoton ke fitowa da launi daban da na kusa da shi ko da ratsi a kwance. Tsaya a 1/50 ko 1/100 ya fi 1/60 ko 1/250 a irin wannan ɗaki, ko da yake janareta ba kullum yake riƙe bugunsa daidai ba, sai ka gwada ka duba. In ka sayi filasha, haɗa da ɗan ledar nan ruwan goro da ake kira CTO ka rufe bakinta, don haskenta ya zo ɗaya da na fitilar, sannan ka harba ta silin in fari ne. In silin ɗin katako ne ko an yi masa fenti mai launi, juya ta ka nemi farin labule ko ka sa yaro ya riƙe maka farin kwali a bayanka.